Neman Shaidar Kwastoma Ba Tare da Ɗora Masa Nauyi Ba



Akwai wani ɗan yayata a Zariya da ke sana'ar haɗa wutar sola. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka yi shelar cire tallafin man fetur, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, masu shaguna suka fara neman hanyar rabuwa da janareto. Kasuwar masu sola ta buɗe, amma kuma masu sana'ar suka yi yawa, da gwani da ɗan koyo kowa ya kira kansa injiniya. Mutumin da zai fitar da kuɗi mai yawa ya ba ka ka hau rufin shagonsa, tambayar farko da yake yi ita ce, wa ka taɓa yi wa? Idan ka ce masa kai gwani ne, ai yabon kai jahilci. Abin da yake son ji shi ne bakin wani ɗan'uwansa mai shago da ya riga ya biya, ya gani, ya gamsu.

Wannan shi ne abin da nake kira shaidar kwastoma, kuma a kanta sharhinmu na yau zai tsaya. Ba kuma duka batun zan ɗauko ba. Wuri ɗaya nake so mu duba, wato yadda ake neman shaidar daga bakin mutumin da aikinka ya yi masa daɗi, ta hanyar da amsawa ba za ta zame masa aiki ba.

Yaron nan ya yi wa wani Alhaji aiki, mai shagon kayan sanyi: ruwan leda, lemo, zoɓo, da ƙanƙara. Ya sa masa fanel 4 masu wat 550 kowanne, da inbata ɗaya, da manyan batura 2, domin su ɗauki firiza 2 da fanka da ƙwayayen wuta. Aiki ya yi kyau. Duk ranar da ya biyo ta layin, Alhaji sai ya tsayar da shi ya miƙa masa lemo mai sanyi, ya ce wa maƙwabta ga injiniyan nan. Da yaron ya ga haka sai ya tura masa saƙo ta WhatsApp, ya ce: "Salam Alhaji, don Allah idan ka samu lokaci ka ɗan rubuto mana wani abu a kan aikin da muka yi maka, za mu sa a shafinmu. Na gode."

Alamar an karanta ta fito. Kwana ɗaya, biyu, uku, shiru. A kwana na huɗu amsa ta zo: "Masha Allah, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira."

Ya kawo mini wayar ransa a ɓace, ya ce, "Kawu, dubi abin da ya rubuto. Mutumin da kullum yake yabona a gaban jama'a." Na ce masa ya sake karanta saƙon da shi ya tura, amma wannan karon ya ɗauka shi ne Alhaji, yana tsaye a bayan kanta, ga mai sayen ƙanƙara yana jira, ga yaron shago yana neman canji.

Saƙon gajere ne, amma kaya huɗu ya ɗora wa bawan Allah. Na farko rubutu. Da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwarmu lissafin miliyoyi suke yi da ka, suna karanta Alƙur'ani da littattafan addini, amma ka ce su zauna su tsara sakin layi da rubutun boko a kan waya, kuma rubutun da duniya za ta gani, wannan abu ne da suke gudu, don kada a ga kuskure a yi musu dariya. Na biyu, kalmar nan "wani abu". Wane abu? Daga ina zai fara? Ka bar masa aikin tunanin abin da zai faɗa gaba ɗaya. Na uku kunya. Bahaushe yana yabonka a bayan idonka cikin sakin jiki, amma ka ce masa zauna ka yabe ni ina saurare, sai bakinsa ya yi nauyi, ya koma ga addu'a, domin addu'a ita ce hanyar da al'ada ta ba shi ta fita daga wannan hali cikin mutunci. Na huɗu kuwa, bai san inda maganar za ta je ba. Wane shafi? Da sunansa? Da hoton shagonsa? A kan wannan duka kuma ka ƙara da "idan ka samu lokaci", wanda mai shago ba ya taɓa samu.

Don haka amsar da ya bayar ba rowa ba ce. Addu'a ce mai kyau, kuma muna cewa amin. Sai dai wanda yake tunanin ko ya sa sola ko ya ci gaba da sayen mai, babu abin da zai ɗauka daga cikinta. Irin wannan jimla za a iya liƙa ta a ƙarƙashin aikin tela, ko na birkila, ko na mai ɗinkin takalmi, ta zauna daidai.

Muka bar maganar ta kwanta, sannan muka sake shiri. Abu na farko da muka duba shi ne lokaci. Mutane suna cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma ga wasu sana'o'i haka ne. Mai girkin biki, washegarin walima ya kamata ta nemi shaida, tun ɗanɗanon yana bakin mutane. Tela, ranar da aka sa kayan aka fita aka dawo. Amma aikin sola, da rijiyar burtsatse, da rufin kwano, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar da aka kunna wuta kowa murna yake yi, sai dai babu abin da ya sani tukuna. Sai an yi makonni, an ga ranar hadari, an ga ranar hazo, an ga yadda batur yake kai wa safe, sannan mutum yake da labarin da zai bayar. Shi Alhaji an yi masa aiki a watan Oktoba, muka jira sai tsakiyar Disamba, lokacin da hunturu ya shigo, ƙura ta fara kwanciya a kan fanel.

Kuma ba mu aika saƙo haka kawai ba. Dama akwai ziyarar duba aiki da ya kamata a yi, a duba ruwan batur, a ɗaure wayoyin da suka saki. Na ce masa ya je ya yi wannan tukuna, da hantsi, bayan an gama hada-hadar safe kuma kafin azahar ta kawo masu neman ruwan sanyi. Idan ya gama ya wanke hannu, ya tambaya tsakani da Allah ko akwai abin da bai yi daidai ba. Wannan tambaya ita ce gaba da komai, domin kai ne kake zaton mutum ya gamsu, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya ce akwai matsala, to ranar ba ranar neman shaida ba ce, ranar gyara ce. Idan ya ce alhamdu lillahi, sai a shiga magana.

Ga yadda ya buɗe ta. Ya ce, "Alhaji, akwai masu shaguna da suke zuwa wurina suna son sola amma suna tsoro, don an cuci wasu. Ina so in yi maka tambaya uku ƙanana, ka amsa da baki kamar yadda muke hira yanzu, ba zai wuce minti biyu ba. Ni zan rubuta, in kawo maka ka ji. Abin da ba ka yarda da shi ba, ba zai fita ba."

Ku lura da abin da wannan buɗewa ta yi. Ta faɗa masa adadin tambayoyin, ta faɗa masa tsawon lokacin, ta ɗauke masa rubutu, ta bar masa iko a hannunsa. Sannan ta sauya fuskar abin gaba ɗaya. Ba a ce masa ya yabi injiniya ba. An ce masa ya ba 'yan'uwansa masu shaguna labarin abin da ya gani, kuma wannan abu ne da Bahaushe yake yi kullum a majalisa ba tare da jin nauyi ba.

Alhaji ya ce bismilla. Yaron ya nemi izinin ɗaukar murya a waya don kada ya manta, aka ba shi.

Tambaya ta farko: "Kafin a sa solar nan, lita nawa kake sha a rana?" Ku dubi ƙanƙantarta. Bai ce yaya rayuwa take a da ba. Ya tambayi abin da mai shago ya haddace kamar sunansa. Nan take Alhaji ya ce lita 5, ranar da babu wutar gwamnati sam har 7. Kuma da yake bakin ya buɗe, sai ya ci gaba da kansa, ya ce ban da kuɗin bakin mai da na makanike, ga ƙara, shi da maƙwabcinsa mai shagon ɗinki har sun taɓa samun saɓani a kan hayaƙi. Wannan shi ne amfanin tambaya mai ƙunci. Amsarta tana kusa, mutum yana miƙa hannu ya ɗauko, sauran labarin kuma ya biyo ta.

Tambaya ta biyu: "Yanzu fa, a wata biyun nan, sau nawa ka tayar da janareto?" Ya yi shiru yana lissafi, ya juya ya tambayi yaron shagonsa, suka daidaita a kan sau 3, duka a ranakun da hazo ya rufe gari. Ya ƙara da cewa firiza suna aiki tun daga ƙarfe 9 na safe har la'asar, ƙanƙara tana kamawa, da dare ya kashe su kamar yadda aka ce masa, su kwana da sanyinsu.

Tambaya ta uku ita ce wadda na fi so, kuma ita ce masu sana'a suka fi tsallakewa: "Kafin ka yarda ka biya, mene ne ya fi ba ka tsoro?" Alhaji ya yi murmushi ya ce, batur. Ya ce wani abokinsa an sa masa batura da aka ce sababbi ne, ashe tsofaffi ne aka wanke aka yi wa fenti, ko wata 4 ba su yi ba suka mutu. Shi ya sa ya yi wata guda yana jan ƙafa. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne an tafi da shi shagon dillali, aka buɗe kwali a gabansa, aka ba shi rasit da takardar garanti da sunansa.

Dalilin da ya sa nake fifita wannan tambaya shi ne, wanda zai karanta shaidar yana ɗauke da irin wannan tsoro a cikinsa. Bai damu da jin cewa kai mutumin kirki ne ba. Yana so ya ji wani ya ambaci ainihin abin da yake hana shi barci, sannan ya ji yadda aka ƙare. Kuma ga mai amsawa, tambaya ce mai sauƙi, domin babu yabo a cikinta, labarin kansa yake bayarwa.

Akwai tambayoyin da na gargaɗe shi kada ya yi. Kada ya ce, "Ai aikin ya yi kyau, ko ba haka ba?" Wannan ka riga ka sa masa amsa a baki, zai ce ƙwarai kuwa, a tashi babu komai. Kada ya haɗa tambaya biyu a numfashi ɗaya, domin ta ƙarshe kawai za a amsa. Kuma kada ya cike shirun. Idan mutum ya yi shiru yana tunani, a bar shi. Sau da yawa magana mafi amfani tana zuwa ne bayan wannan ɗan shirun, kamar yadda ta zo a nan, da Alhaji ya ce, "Sai dai fa a gaya wa mutane gaskiya, lokacin hazo sai an hau an goge fanel duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba batur ba ya cika."

Da ya dawo gida muka saurari muryar. Ba ta kai minti 3 ba. Yaron ya ce mu cire maganar hazo, kada ta kori kwastoma. Na ce a'a, ita ce ma za ta sa a yarda da sauran. Kowa a Arewa ya san hazo, kowa ya san ƙura. Shaidar da ta ce babu wata matsala ko kaɗan, mai hankali zai ɗauke ta a matsayin talla. Wadda ta faɗi iyakar abin, ita ce ake ji a jiki cewa mutum ne ya faɗe ta. Bayan haka kuma, cire ta ɓoye gaskiya ne ga wanda zai biya kuɗinsa.

Ga abin da muka rubuta, daga kalmominsa:

"Da ina shan lita 5 zuwa 7 na fetur kullum a shagona. Tun da aka sa mini sola wata biyu ke nan, sau 3 na tayar da janareto. Tsorona shi ne batur, don an taɓa cutar abokina da tsofaffi, amma ni a gabana aka buɗe kwali, aka ba ni rasit da garanti. Sai dai lokacin hazo dole a riƙa goge fanel."

Jimla huɗu. Mun cire maimaici, da gaisuwa, da maganar saɓaninsa da maƙwabci, domin wannan sirrinsu ne, bai kamata ya fita ba ko da shi ya faɗa. Amma ba mu ƙara ko kalma ɗaya da bai faɗa ba. A nan ne iyaka take, kuma ina so masu sana'a su ji ni da kyau. Rage tsawon magana gyara ne. Ƙara mata abin da mai ita bai ce ba, kamar ka sa masa "babu kamarsa a duk Zariya", wannan shaidar zur ce, ko da ya sa hannu don kunya. Kada kuma a goge masa harshe a mayar da shi na ofis. Idan ya ce "ina shan lita 5", a bar shi da "sha", haka masu shaguna suke faɗa, kuma da haka za su gane nasu ne.

Mun kuma bar lissafin a lita, ba mu mayar da shi naira ba. Farashin mai yana motsi, adadin kuɗin da ka rubuta yau bayan wata shida zai iya zama abin musu. Lita kuwa lita ce, kowa zai buga da farashin ranar da yake karantawa. Muka sa wata da shekara a ƙasa, don a san shaidar ta wata biyu ce da fara aiki, kada wani ya ɗauka ta shekara biyu ce.

Sai mataki na neman amincewa, wanda shi ma akwai yadda ake sauƙaƙa shi. Yaron ya karanta rubutun da murya ya tura masa, sannan ya ce: "Alhaji, ga abin da ka faɗa. Idan daidai ne ka ce mini to. Idan akwai gyara ka faɗa da baki. Zan sa shi a WhatsApp ɗina da kuma takardar da nake nuna wa masu son aiki. Wajen suna kuma, ko in sa sunanka da na shago, ko in ce wani mai shagon kayan sanyi a Zariya kawai. Wanne ka fi so?" Amsa ta zo kafin a yi sallar la'asar. Ya ce daidai ne, amma kada a sa suna, kada a sa hoton shago.

Yaron ya so ya roƙe shi, don shaida mai suna ta fi ƙarfi, kuma wannan gaskiya ne. Na hana shi. Mutumin da ya ce kada a sa sunansa yana da dalilinsa, kuma ba sai ya faɗa maka ba. Batura da inbata kaya ne masu tsada da ɓarayi suke nema, hoton shago da suna kuwa kwatance ne. Wani yana gudun baki da hassada. Wani yana da 'yan'uwa da masu binsa bashi da ba ya so su san ya kashe irin wannan kuɗi. Wannan tsoro shi ne yake sa mutane da yawa yin shiru tun daga saƙon farko, kuma da zarar ka ba su zaɓin ɓoye suna tun kafin su nema, sai ka ga bakinsu ya saki.

Ga mata abin ya fi haka nauyi. Idan matar aure ce ka yi wa aiki, a ce mai sayar da ƙanƙara ko kunun aya a cikin gida, kada ka fara da neman muryarta ko hotonta don yaɗawa. Ka yi tambayoyinka ta hanyar da gidan ya saba hulɗa da kai, ko ta wurin maigidan, ko a gabansa, ko ta saƙo idan haka aka saba. Ka bayyana tun farko cewa muryar don ka rubuta ce kawai, ba za ta fita ba, kuma ka cika alkawari ka goge ta bayan ka rubuta. Na san wata mai ɗinki da ta ɗora muryar kwastomarta a WhatsApp ba ta tambaya ba, don ta ji daɗin yabon. Kafin magariba dangin mijin matar sun ji, kuma daga ranar ba ta sake kawo mata ɗinki ba. Saƙon godiya da mutum ya turo maka kai kaɗai, naka ne kai kaɗai, har sai ya ce ka nuna.

Wannan ba ladabi ne kawai ba. A Nijeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma suna da hoto da muryar da za a gane mutum da ita duk suna cikin abin da take karewa. Dokar ta fayyace cewa shiru ba amincewa ba ne, kuma wanda ya amince yana da damar janyewa daga baya. Saboda haka ka adana saƙon da ya ce "to" a cikinsa, kuma ranar da ya ce a cire, ka cire ba tare da gardama ba.

Akwai wani abu da yake ɓata wannan aiki a wurinmu fiye da wasu wurare, shi ne kara. Mutum zai ce maka to alhali zuciyarsa ba ta so, don kawai ba zai iya kallon idonka ya ce a'a ba. Yadda ake ganewa shi ne, amsoshinsa za su zama gajeru, babu adadi, babu labari, sai "lafiya lau" da "babu komai". Ko ya ce zai turo, ya yi ta ɗagawa. Idan ka ga haka, ɗayan biyu ne: ko akwai abin da bai ji daɗinsa ba a aikin yana ɓoyewa, ko kuwa ba ya son sunansa a bakin duniya. Maganin duka biyun shi ne ka buɗe masa ƙofar fita tun a farko, ka ce, "Idan ba ka da ra'ayi wallahi babu komai, zumuncinmu yana nan." Idan saƙo ka tura aka yi shiru, tuni ɗaya ya isa, bayan kamar mako guda, kuma tunin ya zo da sauƙi fiye da na farko, a ce tambaya ɗaya tak maimakon uku. Idan aka sake yin shiru, ka bar shi. Kwastoman da ka matsa wa zai fara kauce wa kiranka, har ranar da baturinsa zai buƙaci dubawa.

Kada kuma a haɗa neman shaida da kuɗi. Idan akwai ragowar biya a tsakaninku, a gama da shi tukuna, don kada ya ji kamar ana ciniki da bakinsa. Kuma kada ka ce masa idan ya faɗi alheri za ka rage masa wani abu. Ranar da maƙwabcinsa ya ji an yi haka, duk shaidun da ka tara sun zube, har da na gaskiya. Idan kana son nuna godiya, ka yi bayan an gama, ba tare da sharaɗi ba. Shi yaron nan, da ya koma, ya kai wa Alhaji doguwar sanda mai soso a kai ta goge fanel, don yaron shago ya daina taka kwano.

Wanda kwastomansa yake nesa, a ce aikin a Funtuwa aka yi kai kana Zariya, tsarin bai canza ba, sai dai a raba shi. Ka kira a gaisa, ka nemi izini, sannan ka tura tambayoyin da murya, ɗaya bayan ɗaya, sai ya amsa ta farko ka tura ta biyu. Idan ka jera su uku a saƙo ɗaya, ya koma jarrabawa, kuma za a ajiye shi sai an samu lokaci.

Bayan kamar mako uku da fitar shaidar Alhaji, wani mai shagon magani daga Samaru ya kira yaron. Ya ce ya karanta, kuma maganar batur ce ta tsaya masa, don shi ma abin da yake tsoro ke nan. Amma yana so ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Yaron ya kusa ba shi kwatance nan take, sai ya tuna cewa izinin da aka ba shi na rubutu ne ba tare da suna ba, bai haɗa da turo baƙo ba. Ya ce wa mutumin ya ba shi zuwa yamma. Ya kira Alhaji ya ce, "Akwai wani mai kemis da yake son ya ga aikin. In kawo shi da kaina ranar Asabar da hantsi, minti goma, ko kuwa a bari?" Alhaji ya ce a kawo shi, amma da sharaɗin kada a ɗauki hoto. Ranar Asabar suka je. Yaron ya gabatar da su, sannan ya koma waje wurin babur ɗinsa ya bar su su biyu. Ta ƙofa yana hango Alhaji ya buɗe firiza ya ɗago ƙullin ƙanƙara yana nuna wa baƙon, daga nan ya jawo aljihun teburi ya fito da rasit ɗin baturan.